GANGAREN DA AKA YI DON HOTO: INCI ƊAYA, ƘAFA ƊAYA

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda ya san zai gaji ya ajiye sai dare. Amma ina roƙon 'yan zanen gini, 'yan injiniya, da duk wanda ke cikin shugabancin wata ƙungiyar ɗalibai, ku karanta har ƙarshe, domin da ku nake, kuma da kaina na fara.

Makonni uku da suka wuce ƙungiyarmu ta 'yan digiri na biyu ta shirya taron gabatar da takardu. Ni aka ɗora wa neman zauren taro, saboda a Anguwan Rukuba nake zaune kuma na san wuraren da ake bayarwa haya a wannan ɓangaren. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma irinsa sun cika garin nan. A cikin masu gabatarwa akwai abokina, ɗan ajinmu, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, yana amfani da keken guragu. Ya kira ni ya ce, "Mutumina, ka duba min wurin fa, zan iya shiga?" Na ce masa, "Haba, kwantar da hankalinka, har gangaren keke suka yi a gefen matakala, da idona na gani." Da ido kawai na duba shi, ban auna ba. Ni da nake karatun zanen gine-gine, da tef ɗin awo a cikin jakata, na yi wa rogo kallon kitse.

Ranar taron an yi yayyafi da safe, irin na Jos da ba ya sallama. Abokina ya iso, ya tsaya a gindin gangaren ya dube shi, ya dube ni, bai ce komai ba. Ya gwada. Ƙafafun gaban keken suka hau, ya tura sau biyu, a na uku sai gaban keken ya ɗaga sama. Da ba don wani ɗalibi yana bayansa ba, da ƙeyarsa ce za ta daki siminti. Ƙarshe mu huɗu muka ɗauke shi da kekensa muka haura matakala, baƙi suna kallo, wata baiwar Allah tana ta "ayya, sannu". Mutumin da ya zo gabatar da binciken shekara guda, da "ayya" aka tarbe shi.

Washegari na koma da tef. Ga abin da na samu, kuma a nan maganar take.

Matakala biyar ce, kowace santimita 15. Wato daga ƙasa zuwa daɓen zauren santimita 75 ke nan. Gangaren da suka yi, tsawonsa a ƙasa mita 3. Raba 300 da 75, ka samu 4. Ma'ana duk tafiyar santimita 4 kana hawa santimita 1. Masu gini suna rubuta wannan 1:4. Ƙa'idar da aka fi sani a duniya, wadda ke cikin ma'aunin dokar Amurka ta 1990 da ake kira ADA, ita ce 1:12, kuma wannan shi ne iyakar tsinin da aka yarda da shi, ba shi ne mafi kyau ba. A Birtaniya ma sun fi tsanani: 1:12 sai ga ɗan gajeren gangare da bai wuce mita 2 ba, in ya kai mita 10 sai dai 1:20. To wurin da na kai abokina ya ninka iyakar har sau uku.

Kada lambobin su ruɗa ku, ga fassararsu a jikin mutum. A ce shi da kekensa nauyinsu kilo 90. A gangaren 1:12, abin da ke janyo shi baya daidai yake da nauyin kilo 7 da rabi. Hannu zai iya da wannan. A gangaren 1:4 kuwa, ya kusa kilo 22. Kuma ku tuna yadda ake tura keke: ka tura, ka saki, ka mayar da hannu baya, ka sake kamawa. A wannan ɗan lokacin da ka saki, kilo 22 ɗin nan yana aiki. Ga shi kuma nauyin mai keke a kan manyan ƙafafun baya yake, don haka da gangare ya yi tsini, tura ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ɗaga gaba ta kifar da shi ta baya. Wurin saukowa kuma wata masifar ce: keken ya ƙwace, ƙarfen da ake riƙewa ya zame daga tafin hannu, in ya iso ƙasa wurin ɗora ƙafa ya caki daɓe, mutum ya tuntsura ta gaba. Sannan a kan duk wannan suka shimfiɗa tayil mai sheƙi, a garin da ake ruwa daga Afrilu har Oktoba.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inda babu gangare, mai keke ya san babu, zai shirya. Inda aka yi na ƙarya, wawa irina zai kira shi a waya ya ce akwai.

Ga ƙa'idar da kowane birkila zai gane ba sai ya shiga aji ba: inci ɗaya na hawa, ƙafa ɗaya ta tsawo. Shi ke nan, 1:12 ɗin ke nan, tunda inci 12 ne ƙafa ɗaya. In babu tef, ƙirga da bulo. Tsawon bulo ɗaya santimita 45 ne. Matakala ɗaya ta santimita 15 tana buƙatar gangare mita 1.8, wato bulo huɗu a jere. Matakala biyar, bulo ashirin, mita 9. Duk ginin da ka ga matakala biyar kuma gangarensa ya ƙare daidai inda matakalar ta ƙare, ba sai ka auna ba, wannan na baro ne da masu turo janareto.

Ina cikin awo mai kula da wurin ya fito, dattijo ne mai kirki. Ya ce, "Ɗana, lafiya kake auna mana gini?" Na yi masa bayani. Ya ce, "To ai babu fili. Ka ga kwata can, mita 9 ɗin a ina za ta shiga?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, a miƙe ba za ta shiga ba." Daga matakala zuwa kwata mita 4 ne kawai. Amma wa ya ce dole gangare ya fuskanci titi? Bangon gaban zauren daga ƙofa zuwa kusurwa mita 10 ne. Sai a kwantar da gangaren a jikin bango a naɗe shi gida biyu: a hau mita 4.5, a samu shimfiɗaɗɗen wuri na mita 1.5 inda za a huta a juya, a sake hawa mita 4.5 a dawo wajen ƙofa. Da wurin tsayawa na mita 1.5 a farko da ƙarshe, duka tsawon mita 7.5 ne, faɗin kuma wajen mita 2.5 in kowane layi ya samu mita 1.2. Filin yana nan, fulawa aka shuka a wurin. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Da mai ginin ya sani tun farko." Na ce, "Baba, wanda ya zana masa ya kamata ya sani."

Wannan shimfiɗaɗɗen wurin a saman gangare, kar ku ɗauke shi ado. Ka yi tunanin ka hau mita 9 da hannu, ka iso, sai ga ƙofa a rufe daidai ƙarshen gangaren. Kana buƙatar hannu biyu don kada ka koma baya, kana buƙatar hannu ɗaya don buɗe ƙofa. Hannu nawa gare ka? In kuma ƙofar waje take buɗewa, ita za ta ture ka ƙasa. Don haka dole a sami fili a kwance, aƙalla mita 1.5, wanda ƙyauren ƙofa ba ya cinyewa. Sai ƙarfen dafawa a kowane gefe a tsayin wajen santimita 90, da ɗan tudu a bakin gangaren don ƙaramar ƙafar keke kar ta zame waje, da daɓe mai kaushi. Siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi tayil ɗin nan sau goma, kuma ya fi araha.

Yanzu ƙofa. Babbar ƙofar zauren mai ƙyaure biyu ce, faɗinta duka mita 1.2. Mai gini zai ce maka "ƙatuwar ƙofa". Amma ƙyaure ɗaya a sakale yake sama da ƙasa, an yi masa fenti har sakatar ta manne, ba a taɓa buɗe shi ba. Abin da ya rage bai kai santimita 60 ba. Keken babban mutum faɗinsa tsakanin santimita 60 da 70 ne, kuma hannuwan mai turawa a waje da ƙafafun keken suke, ga gwiwar hannu. Ranar taron sai da aka nemo dutse aka bubbuge sakata.

Abin da ake aunawa shi ne ramin da ya rage in an buɗe ƙyaure sosai, daga fuskar ƙyauren zuwa ɗaya gefen firem. Ma'aunin Amurka ya ce kada ya gaza inci 32, wajen santimita 81. Ƙofar da muke kira mai ƙafa uku, santimita 90, in ka cire kaurin firem da na ƙyaure, da ƙyar take barin wannan. Ita ce mafi ƙanƙanta da ya kamata a sa a ginin jama'a. Amma me muke sawa a ban-ɗaki? Mai ƙafa biyu da rabi, santimita 75, wadda ramin da take bari bai kai 70 ba. Mun saba da cewa ƙofar bayi ƙarama ce, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Akwai kuma dokin ƙofa. Ƙofofin ƙarfen nan na tsaro da ake yayi suna zuwa da ƙarfe a ƙasa, in ba a binne shi cikin daɓe ba sai ya tsaya santimita 3 ko 4. Kai mai ƙafa ba ka ma lura da shi. Ƙananan ƙafafun gaban keke kuwa nan suke cijewa, mutum ya yi gaba keke ya tsaya. Ma'aunin ya ce kada dokin ƙofa ya wuce rabin inci. Sai mariƙi: mai dunƙule da ake murɗawa yana wahalar da wanda yatsunsa ba su da ƙarfi, mai sanda da ake dannawa ƙasa ko da gwiwar hannu ana buɗe shi. Kuma a bar fili kamar santimita 45 a gefen da mariƙin yake, domin mai keke ya tsaya a gefe ya janyo ƙyaure ba tare da ya bugi kekensa ba. Ƙofar da aka manna a lungu, mai keke sai ya ja ta yana ja da baya da hannu ɗaya. Ku gwada a kan kujera ku gani.

To ga wanda ya fi yi min ciwo. Taron ya fara tara na safe, aka tashi bayan huɗu. Aka raba ruwa da lemo, abokina bai taɓa ba. Na ce, "Mutumina, sha ruwa mana, kai da za ka yi magana minti ashirin." Ya yi dariya ya ce, "Ka leƙa bayinsu?" Ban leƙa ba. Ya ce, "Ni tun jiya da dare na daina shan ruwa. Haka nake yi duk ranar da zan fita wurin da ban sani ba." Wallahi shekara biyu muna aji ɗaya, ban taɓa sanin wannan ba. Kuma duk wanda ya san lafiya zai gaya maka ƙin shan ruwa da riƙe fitsari na tsawon yini hanya ce ta ciwon mafitsara. 'Yan uwanmu mata masu keke kuma, ku ƙara musu kwanakin al'ada a kan wannan lissafin.

Na auna bayin. Akwai tudu na santimita 10 a bakin ƙofa. Ƙofar mai ƙafa biyu da rabi ce, ciki take buɗewa. Ɗakin santimita 90 ne a faɗi, mita 1.5 a tsawo. Ko da an yi sa'a keke ya shiga, ƙyauren ba zai rufu ba, domin keken yana tsaye a kan hanyarsa. Wato zaɓin da muka ba babban mutum shi ne ya yi a buɗe, ko abokai su ɗauke shi su ajiye a kai su jira a waje.

Bayin da mai keke zai yi amfani da shi shi kaɗai, tsarinsa ya fito ne daga yadda jiki ke motsi. Ya shiga, ya juya, ya rufe ƙofa. Juyawar keke tana cin da'ira mai faɗin mita 1.5. Sannan ya jera kekensa a gefen masai, ya ja birki, ya dafa ƙarfe, ya zame daga kujerar keke zuwa kan masai. Shi ya sa tsarin Birtaniya ya daɗe yana ba da ɗaki mita 1.5 a faɗi, mita 2.2 a tsawo. Ba a sa masai a tsakiya. A matsar da shi gefe ɗaya, tsakiyarsa kamar santimita 45 daga bango, don ƙarfen da ke jikin bangon ya zo hannu, ɗaya gefen kuma a bar shi wayam don keke. Tsayin wurin zama ya yi daidai da na keke, tsakanin santimita 43 da 48, domin zamewa daga kujera zuwa kujera masu tsayi ɗaya ta fi sauƙi a kan ɗaga jiki sama da hannu kawai. Ƙarfen dafawa kuma a dasa shi sosai cikin bango, don nauyin mutum gaba ɗaya zai hau kansa. Ƙarfen rataya tawul da aka ɗaure da kusoshi biyu a cikin bulo mai rami, ranar da ya fita da mutum zai fita.

Ƙofar kuma waje za ta buɗe. Dalili biyu ne. Na farko, ba ta cinye filin ciki. Na biyu, in mutum ya faɗi a ciki, jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, masu taimako ba za su iya shiga ba sai sun ture shi da ita. Wurin wanke hannu a bar ƙarƙashinsa a buɗe don gwiwa ta shige, kar a gina masa akwati ko a sa mai doguwar ƙafa.

A nan zan ƙara abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Mu da ruwa muke tsarki. In famfo yana can bango na nesa, mai keke ba zai iya tashi ya cika buta ya dawo ba, dole famfon ya kasance inda hannu zai kai daga zaune. Kuma ruwan nan ne ya sa magina ke yin tudu ko rami a bakin ƙofar bayi. Maganinsa a karkata daɓen kaɗan zuwa magudana a ciki, a bar bakin ƙofa a shafe. Na biyu, da yawa daga cikin 'yan uwanmu a arewa ba irin keken asibiti suke hawa ba, mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu. Ya fi tsawo, ba ya juyawa a da'irar mita 1.5, kuma ba ya shiga yawancin ɗakuna. Mai shi yakan ajiye shi a bakin ƙofa ya shiga da hannu da gwiwa. Yanzu ka tuna yadda daɓen bayin jama'a yake da ƙarfe biyu na rana. Don irin wannan mutumin, daɓe mai bushewa da wuri da wurin ajiye keke dab da ƙofa sun zama wajibi, kuma wurin juyawa a gangare gara a ƙara masa ya wuce mafi ƙanƙantar ƙa'ida. Kwafe lambobin Amurka kawai bai isa ba, amma mu ko kwafewar ba mu yi ba.

Na san amsoshin da za su zo, na ji su a hostel da wurin mai shayi. Bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

"Ai mu muna da tausayi, za mu ɗauke shi." Na ɗauka, na san yadda yake. Mutum huɗu, kowa ya kama inda hannunsa ya kai, wani ya kama wurin ɗora hannu wanda cirewa yake yi. Ɗaya ya zame, duka an tafi. Ka bar ma haɗarin. Ɗaliba budurwa, kullum sai maza huɗu sun ɗauke ta kafin ta shiga aji, ka yarda a yi wa ƙanwarka? In ta makara babu kowa a waje fa? In wuta ta tashi kowa ya yi ta kansa fa? Tausayinmu yana tashi aiki ƙarfe huɗu, wani lokacin ma yana yajin aiki. Gangaren da aka yi daidai yana nan ko da tsakar dare.

"Su nawa ne? Ni ban taɓa ganin mai keke a ginin nan ba." To ta ina zai shiga ka gan shi? Ka toshe rijiya sannan ka ce ba mai zuwa ɗiban ruwa. Kuma ka hau titin Bauchi da yamma ka kalli yadda ake tuƙi, ka gaya min wa ke da tabbacin zai gama karatunsa a kan ƙafafunsa biyu. Mai karaya, mai tsohon ciki, kakarka ranar bikin yaye ka, duk wannan gangaren za su bi.

"Babu kuɗi." A kan takarda, mayar da ƙofa daga 75 zuwa 90 jan layi ɗaya ne. Juya ƙyaure ya buɗe waje kyauta ne. Matsar da masai gefe kyauta ne, in tun kafin a binne bututu aka yi. Abin da ke cin kuɗi shi ne fasawa bayan an gama. Zauren da na auna, sun kashe kuɗin siminti, sun kashe na tayil, sun samu abin da ba ya aiki. Na yarda da abu ɗaya: garin nan duwatsu ne, Anguwan Rukuba kuwa hawa da sauka ce, kuma ana ɗaga daɓe saboda ruwan sama. Akwai filin da gangaren zai yi tsada da gaske. Amma wannan dalili ne na a yi tunani tun ranar da ake yanke tsayin daɓe da inda ƙofa za ta kalla. Duk santimita 15 da ka ƙara wa tsayin gini don ya yi kwarjini, ka ci wa wani bashin mita 1.8.

"Ai Najeriya ce, wa zai bi?" Doka tana nan. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce a duba zanen ginin jama'a kafin a fara shi, kuma jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'idar gini zai iya fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Abin da ya kamata ya ba mu kunya a nan Jos shi ne Filato ta riga tarayya, tun 2005 jihar ta yi dokarta ta haƙƙin nakasassu. James Lalu, wanda ya fara shugabantar hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ɗan Filato ne. Ayuba Gufwan da ya gaje shi a 2024 shi ma ɗan Filato ne, shan inna ya kama shi yana yaro, kuma cibiyarsa ta Beautiful Gate a nan Jos ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku tana rabawa. Garin da ke ƙera keken, shi ne ya kamata ya fara sanin faɗin ƙofar da zai bi.

Kuma kar mu tura komai ga gwamnati. Shekara biyar masu zuwa, mu ne za mu zana, mu ne za mu sa hannu, mu ne za mu zama shugabannin makarantu da 'yan kwamitin ginin coci da masallaci. Yanzu ma mu ne muke zaɓar zauren taron ƙungiya, mu ne muke tara kuɗin aikin tunawa na 'yan ajin ƙarshe mu gina allon suna da kujerun siminti a gindin bishiya.

Don haka ga abin da nake nema, ba shi da yawa. Kafin ka kama wa ƙungiyarku zaure, je da tef, ko igiya, ko ka ƙirga bulo. Ƙirga matakala, ninka da bulo huɗu, ka kwatanta da gangaren. Buɗe ƙofa sosai ka auna ramin, in bai kai santimita 80 ba ka sani akwai wanda ka bari a waje. Shiga bayi ka duba: akwai tudu, ina ƙyaure yake buɗewa, akwai fili a gefen masai? In an ce maka akwai na musamman, ka ce a buɗe ka gani, domin sau da yawa za ka tarar an mayar da shi ɗakin ajiye bokiti da tsintsiya, makullin kuma yana hannun wanda bai zo aiki ba. Mafi muhimmanci, ka tafi da wanda zai yi amfani da wurin, ko ka tura masa hoto da lambobin. Ya fi ka sani.

Abokina ya gabatar da takardarsa ranar, muryarsa a dishe, kuma ta fi ta kowa. Na ba shi haƙuri daga baya. Ya ce, "Ba komai, mutumina, amma gaba in na tambaye ka, kar ka ce min akwai gangare. Ka gaya min mita nawa ne."

Zangon karatu mai zuwa ma ni aka bar wa neman zaure. Wanda ya san wuri tsakanin Anguwan Rukuba da Farin Gada da ya cika waɗannan sharuɗɗa uku, ya turo min, amma da awonsa. Zan zo da tef ɗina in tabbatar.